Ƙunar madafa mai bororo: me ya kamata a yi, kuma a fasa ko a bari?

Da wuya a samu gidan da ake girki kullum ba a taɓa ƙonewa ba. Mai ya fantsamo daga kasko, ruwan shayi ya zubo, hannu ya gogi gefen tukunya ko ƙarfen murhun gaz. Bayan ɗan lokaci sai fata ta taso ta cika da ruwa, abin da ake kira bororo. A nan ne ra'ayi yake rabuwa: wata ta ce a kawo allura a fasa ruwan ya fita, wani ya ce a shafa man goge haƙori. Amsar ma'aikatan lafiya a taƙaice ita ce: a sanyaya wurin da ruwa na minti 20, a rufe shi da abu mai tsabta, kuma kada a fasa bororon a gida.

Abin da bororo yake nufi

Fata tana da hawa biyu manya. Akwai ta sama, siririya, wadda take kare jiki daga datti da ƙwayoyin cuta. Akwai ta ƙasa, mai kauri, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Idan zafi ya taɓa ta sama kaɗai, wurin yakan yi ja, ya yi raɗaɗi, ya warke cikin ƴan kwanaki. Idan zafin ya kai ga ta ƙasa, sai hawan biyu su rabu, ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin jini ya taru a tsakaninsu. Wannan shi ne bororo, kuma likitoci suna kiran irin wannan ƙuna mataki na biyu.

Ruwan da ke ciki ba mugunya ba ne, ba kuma wani dafin wuta ba ne da ake buƙatar fitarwa. Ruwan jiki ne mai tsabta, kuma jiki yakan shanye abinsa a hankali yayin da sabuwar fata take tsirowa a ƙarƙashi.

Minti 20 na farko

A ɗauki misalin wata uwar gida a Maradi da take suyar ƙosai da safe. Ta saki ƙullu, mai ya fantsamo mata a damtse, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Man suya yakan kai zafin digiri 170 zuwa 180, ya fi tafasasshen ruwa mai digiri 100 nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Ko bayan man ya gangare, zafin da ya shiga cikin nama yana ci gaba da dafa shi. Aikin ruwa shi ne ya janye wannan zafin kafin ƙunar ta ƙara zurfi.

Don haka abu na farko, bayan ta sauke kaskon, shi ne ta sa hannun a ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi yana gudana har minti 20 cur. A duba agogon waya, domin minti biyar yakan yi kama da ashirin ga mai jin zafi. Yayin da ruwan yake zuba, sai ta cire awarwaro, zobe da agogo, domin hannu zai kumbura, kuma abin da ya fita cikin sauƙi yanzu zai iya matse jini nan da awa ɗaya. Idan tufa ta manne da fata, a yanke kewayenta, kada a fizge.

Ba kowane gida ne yake da famfo ba, kuma a lokacin zafi ruwan famfon kansa yakan fito da ɗumi da tsakar rana. A irin wannan hali ruwan randa ya fi. A zuba shi a buta, wani ya riƙa kwararawa a hankali, ko a tsoma hannun a cikin roba ana canza ruwan duk lokacin da ya yi ɗumi. Ko an makara, sanyayawar tana da amfani har zuwa awa uku bayan ƙunar.

Ƙanƙara kuwa ba ta da wuri a nan. Tana tsuke jijiyoyin jini a daidai lokacin da fatar da ta ji ciwo take buƙatar jini, sai ta ƙara lalata ta. Akwai kuma masu cewa ruwa ne yake sa ƙuna ta taso. Ba haka ba ne. Bororo yakan ɗauki mintoci ko awoyi kafin ya fito, ko an sa ruwa ko ba a sa ba, shi ya sa ake ɗora wa ruwa laifin da na wuta ne.

Abin da ba a shafawa

Man goge haƙori, ɗanyen ƙwai, man shanu, gishiri, toka da gashin zomo duk an saba ganinsu a kan ƙuna. Babu ɗaya daga cikinsu da yake janye zafi kamar ruwa. Mai yakan rufe zafin a ciki, ƙwai da toka da gashin dabba suna kawo ƙwayoyin cuta, gishiri da alkol suna ƙara cin naman da ya riga ya raunana. Haka ma barbaɗa garin kafso. Su ma magungunan shafawa masu launin ja ko shuɗi suna ɓoye kalar ciwon, alhali da ita ma'aikacin lafiya yake gane zurfinsa. Duk abin da aka shafa, sai an kankare shi kafin a yi magani, kuma majiyyaci ne zai sha wannan azabar.

A fasa ko a bari?

Zuwa hantsi, damtsen uwar gidan ya yi bororo ɗaya mai faɗin tsabar dala goma, da ƙanana biyu a gefensa. Ruwan ciki garau ne, wurin yana zafi idan aka taɓa. Wannan zafin ma alama ce mai kyau, domin yana nuna jijiyoyin fatar ƙasa suna raye.

Ya kamata ta bar su yadda suke. Fatar da ta rufe bororo murfi ce da jiki ya yi wa kansa: tana tare ƙura, ƙuda da ruwan wanke-wanke, tana kuma hana iska taɓa ɗanyen naman da ke ƙasa. Allurar ɗinki ko reza, ko da an gasa ta a wuta, tana buɗe ƙofar da ƙwayoyin cutar da ke kan fata da yatsu za su bi su shiga. Ƙunar da za ta warke cikin mako biyu, idan ta kwaɓe, tana iya zama gyambo mai barin tabo.

Gaskiya ne a asibiti akan buɗe wasu bororo. Akan yi haka idan bororon babba ne ƙwarai, ya cika tam yana neman fashewa, ko yana kan gaɓa yana hana lanƙwasawa, ko ruwan cikinsa ya gurɓace, ko ana son a ga zurfin ƙunar. Amma a can da almakashi da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake yi, da safar hannu, sannan a ɗaure da kayan da suka dace. Hukuncin na ma'aikacin lafiya ne, ba na maƙwabta ba.

Yadda ake rufe wurin

Bayan sanyayawa, ta wanke hannuwanta da sabulu, ta wanke gefen ƙunar a hankali, ta bar shi ya tsane. Sai ta ɗora kompires mai man basilin, wanda ake tambaya a farmasi da sunan « tulle gras », domin ba ya mannewa. A kansa sai busasshen kompires, sannan bandeji sako-sako, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. Auduga ba ta dace ba, domin zarenta yana maƙalewa a ciwo. Idan babu waɗannan a kusa, ƙyalle mai tsabta da aka wanke aka yi wa guga zai riƙe wurin kafin a samo.

A canza ɗaurin bayan kwana biyu, ko da zarar ya jiƙe ko ya yi datti. Idan ya manne, a jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce kafin a ɗaga. Don rage zafi, babba zai iya shan parasetamol, miligiram 500 zuwa 1000, da tazarar awa shida, kada ya wuce giram uku a rana ba tare da shawarar likita ba. Na yaro da nauyinsa ake aunawa.

Idan bororon ya fashe da kansa, kamar yadda yakan faru wajen daka ko wanki, ba abin firgita ba ne. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a ja ragowar fatar da farce, a ɗaure kamar yadda aka bayyana. Ma'aikacin lafiya zai iya gyara matacciyar fatar da almakashi idan akwai buƙata.

Lokacin da gida ba ya isa

Ƙuna ba ƙarama ba ce idan ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta zagaye yatsa ko hannu gaba ɗaya. Haka ma idan tana fuska, tafin hannu ko bayansa, ƙafa, al'aura ko kan gaɓa, domin tabo a waɗannan wurare yana iya ƙanƙance fata ya hana motsi. Da a ce man ya zubo wa uwar gidan a yatsu ne, da shawarar ta canza: sai ta sanyaya, ta rufe, ta nufi likita a ranar.

Alamar da ta fi yaudara ita ce rashin zafi. Wurin da ya yi fari fat, ko baƙi, ko ya bushe ya yi tauri kuma ba ya ciwo, ya ƙone ne har jijiyoyin jin zafi sun mutu. Wannan ƙuna mai zurfi ce ko da ƙarama ce.

Yaro ƙarami, tsoho, mai ciki da mai ciwon sukari, a kai su cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa ko da bororon ɗan kaɗan ne. Fatar yaro siririya ce, kunun da zai sa babba ya yi ja kawai zai iya yi masa ƙuna mai zurfi. Wajen sanyaya masa, a zuba ruwan a kan ƙunar kaɗai, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. A can kuma a tambayi batun allurar tetanos, musamman idan an daɗe ba a yi ba ko an riga an shafa toka ko ƙasa.

Ko ƙunar da ake kula da ita a gida sai an sa mata ido. Zafin da yake ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, kumburi da ɗumin da suke bazuwa, mugunya, wari ko zazzaɓi, duk suna nuna ƙwayoyin cuta sun shiga. A jikin mai duhun fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a fi lura da kumburi, ɗumi da zafi.

Idan komai ya tafi daidai, bororon uwar gidan zai sace a hankali, tsohuwar fatar ta bushe ta faɗi, sabuwa mai haske ta bayyana cikin kwana 10 zuwa 14. A lokacin ne, bayan ciwon ya rufe, man kaɗe ko basilin yake da amfani wajen rage ƙaiƙayi da bushewa, kuma a kare wurin daga rana, domin kalar fata takan ɗauki watanni kafin ta dawo. Ƙunar da ta cika mako biyu ba ta rufe ba ta fi yadda aka zata zurfi, sai a kai ta likita ya duba.