Rabawar da ke Zubar da Ragowa a Kwamfuta

A harshen rubuta manhaja na C, idan aka raba cikakkiyar lamba da wata cikakkiya, amsar ma cikakkiya take fitowa. Duk abin da ya biyo bayan ɗigo zubar da shi ake yi, kome yawansa. Shi ya sa `7 / 2` ke ba da 3, ba 3.5 ba. Masu tsara tambayoyin gwaji suna yawan ɗana tarko da wannan ƙa'ida, domin tana kayar da ɗalibin da ya amsa da ka.

Ga irin tambayar da ake yi, ta mayar da ma'aunin zafi daga Fahrenheit zuwa Celsius:

```c
int f = 212;
double c = 5 / 9 * (f - 32);
printf("%.1f", c);
```

Wanda ya san ruwa na tafasa a 212 na Fahrenheit, wato 100 na Celsius, nan take zai zaɓi 100.0. Amma 0.0 ne ke fitowa a allo.

Ana gano dalilin ne da biro da takarda, a bi lissafin daki-daki, ana rubuta kowace amsa tare da nau'in lambarta. Abin da ke cikin baka ba shi da wata matsala: a cire 32 daga 212, saura 180. Rabawa da ninkawa kuwa matsayinsu ɗaya a C, don haka daga hagu ake kama su, `5 / 9` ne ke gaba. Dukansu cikakkun lambobi ne, 9 kuma ba ta shiga cikin 5 ko sau ɗaya, sai amsa ta zama 0, ragowar 5 ta bi ruwa. Sifili sau 180 sifili ne.

Kalmar `double` ce ke yaudarar mutane, tun da an san tana riƙe lamba mai ɗigo. Sai dai ba a mayar da amsa zuwa wannan nau'in sai lissafin ɓangaren dama ya ƙare, lokacin kuwa aikin gama ya gama.

Gyara mafi inganci shi ne a rubuta `5.0 / 9`, domin ɗigo a gefe ɗaya ya isa ya sa a yi rabawa mai riƙe ragowa. Wasu kan jinkirta rabawar, su rubuta `5 * (f - 32) / 9`. Da 212 wannan na ba da 100 daidai, tun da 9 ta raba 900 ba saura. Amma idan `f` ta zama 100, sai a sami 340 a raba gida 9, amsa ta fito 37.0 maimakon 37.8. Irin wannan kuskuren ya fi wuyar kamawa, saboda amsar ta yi kama da gaskiya. Alamarsa ita ce kullum sifili ne ke bayan ɗigo.

Dole kuma a duba harshen da aka yi tambayar a cikinsa. A Python 3, wanda ya fito a 2008, `7 / 2` na ba da 3.5, sai an rubuta `7 // 2` ake samun 3. Lambar da ke ƙasa da sifili ma tana raba su: `-7 / 2` a C na ba da -3, `-7 // 2` a Python kuwa -4.