Dubiya: Abin da Ke Bayan "Da Sauƙi"

Yau zancenmu a kan dubiya ne, wato zuwa gaishe da ƙawa ko aminiya da ke kwance, a asibiti ko a ɗakinta. Mu da muke cikin kulle ba kullum muke samun fita ba. Sai an nemi izinin maigida, an sami wanda zai raka, wani lokacin ma sai bayan magariba. To tunda fitar da wuya take samuwa, ya kamata in an je a yi abin da zai amfani mai jiki.

Bari mu fara da gaisuwar kanta, don tana da tsari. In kin yi sallama kin shiga, kalmar farko ita ce "sannu". Ki faɗe ta a hankali, kusa da ita, ba daga bakin ƙofa ba. Sannan ki ce, "Ya jikin?" In da safe ne, "Ya kwanan jiki?" In ta fara farfaɗowa, "Ya ƙarfin jiki?" Za ta ce miki, "Da sauƙi." Ke kuma ki ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne." In babba ce, kamar uwar ƙawarki ko surukarki, ki rusuna ki ce, "Sannunku Inna, ya jikin naku? Allah ya tashi kafaɗunku." Wannan addu'a ta kaffara ba ƙirƙirar Bahaushe ba ce kawai. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je duba mara lafiya yakan kwantar masa da hankali, ya yi masa fatan ciwon ya zame masa tsarki. Dubiyar kanta tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa.

Kada ki manta da wadda ke zaune a gefen gado ko kan tabarma, wato mai jinya. Sau da yawa uwa ce ko ƙanwa, ta yi kwana uku ba ta yi barcin kirki ba. Ita ma tana da tata gaisuwar: "Sannu da jinya, ya mai jiki? Allah ya ba da lada."

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. Wannan "da sauƙi" da ake ba ki, ba labarin jiki ba ne. Amsa ce ta tarbiyya da tawakkali. Mace tana iya kasancewa cikin azabar da ba ta taɓa ji ba, amma in kin ce "ya jiki" sai ta ce "da sauƙi", don kunya, da gudun kada a ce ta cika raki. Saboda haka mai dubiya mai hankali takan karɓi amsar da baki, amma ta nemi gaskiya da ido. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Zan ba ku misali da abin da ya faru da ni. Wata aminiyata aka yi wa aiki aka ciro mata jariri, saboda jininta ya hau sosai a ƙarshen ciki. Na je asibiti washegari da yamma, lokacin da ake barin 'yan dubiya su shiga. Na tarar da mata wajen takwas sun kewaye gadon. Biyu suna zaune a kan gadon, ɗaya ta kusa danne robar ƙarin ruwa. Ana ta hira ana shewa, wata tana ba da labarin maƙwabciyarta da aka yi wa irin wannan aiki ɗinkin ya ɓalle. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Ya jiki?" ita kuma ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Da sauƙi." Na ƙirga, ta faɗa ya fi sau goma. Leɓenta a bushe, in an ba da dariya sai ta dafe ciki ta cije baki, don wadda aka yi wa ɗinki a ciki dariya da tari duk ciwo ne a wurinta.

Ga alamun da za ki gane cewa zamanki ya isa: tana lumshe ido tsakiyar magana, tana amsawa da kai ko da hannu maimakon baki, tana juya fuska bango, ko tana ta gyara kwanciya. Wani lokacin fitsari take ji ko tana son shayar da jariri, kunya ta hana ta faɗa. In ciwo na da zafi, minti goma ya isa. Ki yi addu'a ki tashi. In kina son sanin ainihin halin da ake ciki, ki ja mai jinya waje ki tambaye ta: "Ta samu barci jiya? An ba ta izinin cin abinci? Me likita ya ce? Me kuke buƙata?" A nan za ki ji gaskiya.

A ranar nan wata baiwar Allah ta zo da fulas cike da kunun kanwa, tana cewa ai mai jego ba ta rabuwa da shi. Niyyarta kyakkyawa ce, amma kanwa danginsu ɗaya da gishiri, kuma wadda jininta ya hau ba ta buƙatar ƙarin gishiri. Ban da haka, wadda aka yi wa aiki a ciki, ma'aikatan jinya ne ke faɗin lokacin da za ta fara kurɓar ruwa da lokacin da za ta ci abinci, ba 'yan dubiya ba. Haka mai ciwon suga, ba a kai mata lemon kwalba ko kunu mai zaƙi. Saboda haka kafin ki ɗora tukunya, ki aika ko ki buga waya ki tambaya me aka yarda ta ci. In ba ki samu amsa ba, ki kai abin da ba ya ɓaci: sabulu, garin wanki, zani mai tsabta, ruwan zafi a fulas. Ko ki dafa wa mai jinya abinci, don ita ce ake mantawa da cikinta. In kuɗi ne, ki danƙa wa mai jinya a ɓoye ki ce, "Ga wannan ba yawa, a ƙara a sayi magani." Kada ki ƙirga a gaban mutane.

Maganin gargajiya kuwa, ko kin tabbata ya yi wa yayarki aiki, kada ki ɗura wa wadda ke shan maganin asibiti. Ba ki san yadda za su haɗu a jikinta ba.

Sai abin da baki ke furtawa. Akwai maganganun da muke yi da sunan tausayi, alhali tsoro suke dasawa. "Wayyo, kin ga yadda kika rame?" "Irin ciwon da ya kashe wance ke nan." "Anya ba hannu a cikin wannan ciwon?" Wannan ta ƙarshe ta fi muni, don kin tafi kin bar ta da zargin kishiya ko dangin miji, wataƙila ma ta ajiye maganinta ta koma neman karya sammu. Kada kuma ki matsa da "wai me aka ce yana damun ki?" a gaban jama'a. Akwai ciwon da mace ba ta son a sani, kamar ɓari ko ciwon mahaifa. In ta so za ta faɗa miki da kanta. Abin da take son ji shi ne abin da zai sauke mata nauyi: "Na aika Ladidi ta duba yaran, sun ci abinci, an yi musu wanka." Uwa da ke kwance, rabin ciwonta tunanin gida ne.

Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa mai jiki ko jariri, ki sake wankewa in kin fito. Kada ki sumbaci jariri. In kina mura ko tari, ki zauna gida ki aika gaisuwa. Ki bar ƙananan yara a gida, ki kuma rage turare da humra, don ƙamshi mai ƙarfi yana tayar da zuciyar mara lafiya.

To bari in ƙarasa muku labarin aminiyata. Bayan an sallame ta da kwana huɗu na je gida bayan magariba. Na ce, "Aminiya, ya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Amma na ga ta sa an kashe fitila, tana riƙe da goshi. Da ɗakin ya rage mu biyu sai na matsa na ce, "Tsakanina da ke, ina ne ke miki ciwo yanzu?" Sai ta ce tun safe kanta kamar zai tsage, ta sha magani bai sauka ba, kuma tana ganin dishi-dishi. Na dubi fuskarta da hannayenta, sun kumbura. Duk wanda ya shigo ranar "da sauƙi" ta ce masa. Ban tsorata ta ba. Na fita na sami uwar mijinta na ce, "Hajiya, ku gafarce ni, ina ganin a kira maigidan a mayar da ita asibiti a daren nan, kada a bari sai gobe." Da aka auna, jinin ya sake hawa. Hawan jini na ciki yana iya dawowa bayan haihuwa, ya kai ga jijjiga. Allah ya sa aka tare shi da wuri.

Shi ya sa in kin je wa mai jego, ki riƙe waɗannan a ranki: ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, numfashi sama-sama, ko ɗinki da ke fitar da ruwa mai wari. Ko ɗaya kika gani, ba na "Allah ya sawwaƙe" a tafi ba ne. Ki gaya wa wanda ke da ikon kai ta asibiti, cikin ladabi, amma a fili.

In kuma ba ki sami izinin fita ba, kada ki ce shi ke nan. Ki aika yarinya da saƙo, ko ki kira mai jinya maimakon ki tashi mai jiki daga barci. Kuma ki tuna, ranar farko kowa na zuwa. Sati na biyu, da ƙafa ta ɗauke, wanki ya taru, lokacin ne aka fi bukatar ki.

Da za ki tafi ki ce, "Zan koma, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa." Kada ki bari ta yunƙura don ta raka ki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.