Ɗaukar mai talla na farko: Daɗin baki ko iya karɓo kuɗi?

Duk ƙaramar masana'antar da ta fara tsayawa da ƙafarta tana kaiwa wani matsayi da mai ita ba zai iya haɗa aiki biyu ba. In ya tsaya wajen haɗa kaya, babu mai zagaya shaguna. In ya fita kasuwa, aikin gida ya tsaya. A nan ne ake fara neman mai talla, kuma yawanci abin da ake fara tambaya shi ne, "Wane ne mai baki?"

Ga wanda ke sayar wa masu shaguna kaya, ba wannan ce tambayar farko ba, saboda yadda cinikin yake tafiya. Mai kanti ba ya biyan kuɗin sabon kayan da bai sani ba nan take. Cewa zai yi a ajiye, in an sayar a dawo a karɓa. Ke nan shigar da kaya shago shi ne ɓangaren aikin da ya fi sauƙi, tunda mai kantin babu abin da ya fitar daga aljihunsa. Wahalar tana wajen dawowa da kuɗin.

Lissafin mutum biyu

A ɗauki misalin wata mai haɗa sabulun ruwa a Kano. A ƙaddara katan ɗaya yana cin mata naira 7,500 tun daga sinadarai, robobi, takardar liƙawa har zuwa kuɗin mota, tana kuma bai wa masu shaguna a kan 9,000. Ribarta 1,500 ke nan a kowane katan.

Ta gwada matasa biyu na tsawon wata ɗaya. Na farko akwai fara'a da iya zance, ya raba katan 100, amma zuwa ƙarshen wata kuɗin katan 70 ya kawo, wato naira 630,000. Ita kuwa 750,000 ta kashe wajen haɗa kayan. A takarda ciniki ya yi kyau, a hannu kuma akwai giɓin 120,000, kuma da kuɗin hannu ake sayo sinadaran zagaye na gaba.

Na biyu ba shi da yawan magana. Katan 60 kawai ya raba, ya kawo kuɗin 57, wato 513,000, alhali abin da aka kashe 450,000 ne. Ta samu rarar 63,000, ga katan uku da aka san shagon da suke da ranar da za a karɓo kuɗinsu.

Mai yiwuwa wasu daga cikin katan 30 na saurayin farko su dawo da kuɗi daga baya. Amma duk katan ɗaya da ya maƙale gaba ɗaya ya cinye ribar katan biyar. Babban kamfani na iya jiran bashi wata uku. Mai jarin da bai kai miliyan ɗaya ba ba za ta iya ba.

Saboda haka halin da ya kamata a sa a gaba shi ne amana da kuɗi, haɗe da ƙarfin halin komawa wurin mai bashi karo na uku da na huɗu ba tare da an yi faɗa ba. Wannan na ƙarshe ya fi wuyar samu fiye da yadda ake zato. Akwai matasa masu gaskiya da kunya ke hana su tambayar dattijon da ya haife su kuɗi. In ya ce "ka dawo jibi", sai su yi mako biyu ba su leƙa ba.

Yadda ake gane su kafin a ɗauka

Hira a zaune ba ta nuna wannan hali, hasali ma mai daɗin baki take fifitawa. Abin da ke nunawa shi ne gwajin mako ɗaya ko biyu, wanda za a biya mutum kuɗin wahalarsa. A ba shi kaya kaɗan, unguwa guda, da littafin rubuta sunan shago, lambar wayar mai shi, adadin kayan da aka ajiye da abin da aka biya.

Daga nan mai kamfanin ta kira wasu daga cikin masu shagunan da kanta, ta tambayi nawa ake bin su. In abin da suka faɗa ya yi daidai da littafi, an samu alama mai kyau. In mai shago ya ce ya biya tun ranar Litinin amma littafi ya nuna Alhamis, a lura sosai. Akwai wata tsohuwar dabara inda mai talla ke taɓa kuɗin shago ɗaya, sai ya cike gurbin da kuɗin shago na gaba. Ba a ganin giɓin sai ya yi girma, kuma alamarsa ta farko ita ce irin wannan jinkiri. Maganinta shi ne masu shaguna su riƙa tura kuɗi kai tsaye asusun kamfani, kuma a nemi wanda zai tsaya wa ma'aikacin tun ranar farko.

Wani abin dubawa shi ne labarin da yake dawowa da shi. Wanda ya ce "kasuwa ce babu" bai kawo komai ba. Wanda ya ce shaguna huɗu sun yi ƙorafin murfin robar yana yoyo, biyu kuma sun nemi ƙaramar roba saboda masu saye ba sa iya sayen babba, ya kawo abin da za a gyara. Mai talla na farko shi ne kunnen kamfani a kasuwa, don babu wani sashen bincike bayan shi.

Abubuwan da ke ruɗar mutane

Takardar shaida da gogewa a babban kamfani suna burge mai ɗaukar aiki, sai dai a yi tambaya a kansu. Wanda ya raba kayan da kowa ya sani, a motar kamfani, ga talla a rediyo, kusan oda kawai yake karɓa. Bai saba tsayawa gaban ɗan kasuwar Singa ko Sabon Gari yana amsa "Waye ya yi wannan? Ina lambar NAFDAC?" ba. A tambaye shi shago nawa ya taɓa buɗewa da kansa, waɗanda ba a gadar masa ba.

Sanin kaya kuwa bai kamata ya hana a ɗauki mutum ba. Farashi, yawan kumfa da bambancinsa da na wasu abubuwa ne da ake koyarwa cikin 'yan kwanaki. Sanin unguwa da harshen masu saye ya fi wannan nauyi: a Sabon Gari ana buƙatar mai jin Turanci ko buroka, in kuma masu sayen matan aure ne a cikin gidaje, mace ce za ta iya shiga inda namiji ba zai shiga ba.

Sai batun ɗan uwa. Ɗaukarsa ba laifi ba ne in ya ci gwajin da kowa ya yi. Amma kafin a ba shi littafin, mai kamfani ta tambayi kanta ko za ta iya sallamarsa in kuɗi suka ɓata ba tare da an kai ƙara wurin iyaye ba.

Tsarin biya ma yana zaɓar wa kamfani irin mutumin da zai zauna. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma la'ada zalla ba albashi kan sa mutum ya zuba kaya a kowane shago don ya samu na abinci. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗan albashi tsayayye, kuɗin mota, sannan la'ada a kan kuɗin da suka shigo asusu, ba a kan kayan da suka fita ba. A misalin mai sabulu, in ana ba da naira 300 a kowane katan da aka biya, saurayin farko zai samu 21,000 a maimakon 30,000, kuma sauran 9,000 ɗin suna jiransa a shagunan da bai koma ba.