Kuɗin caji da damfara a rumfar mai POS

A kasuwannin Kano da Kaduna, akwai rumfunan masu POS da ake manna musu ɗan allon sanarwa. A shekarun baya, abin da ke jiki yawanci ba ya wuce wannan: cire naira dubu biyar, caji naira ɗari, dubu goma, naira ɗari biyu. Farashin yakan motsa daga unguwa zuwa unguwa, yakan kuma hau idan tsabar kuɗi ta yi wuya, kamar lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Wannan cajin ladan mai rumfa ne, shi ke biyan kamfanin na'ura da wahalar nemo tsaba. Don haka ka tambaya kafin ka miƙa kati.

Damfarar da ta fi cin mutane kuwa ba a rumfar take faruwa ba. Wani ne zai bugo waya, da ladabinsa, ya ce daga banki yake, an rufe asusunka, ka karanto masa lambobin da aka turo maka yanzu a gyara. Lambobin nan su ne makullin kuɗinka, kuma banki ba ya tambayarsu ta waya. Kashe kiran kawai.

A rumfa, kai za ka danna lambar sirrinka, ka kare da tafin hannu, bayan ka duba adadin da ke kan na'ura. Idan an zare maka kuɗi amma na'ura ta ce bai shiga ba, kada ka yi rigima da mai rumfa. Karɓi rasit, ka kai ƙorafi bankinka.