Takardar gargaɗi: abin da aka tabbatar kaɗai ake rubutawa

A ma'aikatu da yawa, da zarar manaja ya fusata sai ya sa a buga takardar gargaɗi a miƙa wa ma'aikaci, shi ke nan an wuce wurin. Irin wannan takarda ba ta da nauyi. Wadda ke tsayuwa da ƙafarta ita ce wadda ta biyo bayan matakai biyu: an ba mutum takardar tuhuma, wato kwiri, da lokacin amsawa, galibi awa 24 zuwa 72, sannan an zaunar da shi an ji ta bakinsa a gaban waɗanda ba su ne masu ƙorafin ba.

A ɗauki misalin mai kula da sito a wani kamfanin casar shinkafa. An wayi gari buhu 12 sun yi ɓatan dabo. Kwirin da aka ba shi ya ƙunshi zargi biyu, cewa ya tashi aiki bai kulle sito ba, kuma yana da hannu a ɓatan kayan. A gaban kwamiti ya amsa na farko, ya ce an kira shi gida cikin gaggawa ne. Na biyu kuwa ya musanta, maigadi bai gan shi da komai ba, littafin shige da fice ma bai nuna ya dawo da dare ba. Kwamiti ya same shi da sakaci, bai same shi da sata ba.

A nan ne masu rubuta takardar suka fi yin tuntuɓe. Zuciyar manaja tana kan buhunan, sai alƙalaminsa ya zame ya rubuta "rashin amana" ko "halin ɓera". Wannan hukunci ne a kan laifin da ba a tabbatar ba, kuma ɓata suna ne da zai zauna a fayil ɗin mutum shekara da shekaru. Abin da ya dace ya shiga takardar shi ne kamar haka: "A ranar 3 ga Maris ka tashi aiki da ƙarfe 6 na yamma ba ka kulle sito ba, ba ka kuma miƙa makulli ga kowa ba. An ba ka kwiri ranar 4, ka amsa ranar 5, kwamiti ya saurare ka ranar 9. An duba uzurinka, amma bai hana ka sanar da mataimakinka ba." Daga nan a ambaci sashen dokar kamfani da aka saɓa, a kuma faɗa fili cewa zargin hannu a ɓatan kaya bai tabbata ba. Haka nan ba a cusa tsohon laifi, kamar makarar bara da ba a taɓa tuhumarsa a kai ba, don kawai takardar ta yi kauri.

Sauran abubuwan gajeru ne: gyaran da ake so daga yau, ko gargaɗin na farko ne ko na ƙarshe, tsawon lokacin da zai yi yana aiki bisa ƙa'idar kamfanin, misali wata shida, abin da zai biyo baya in an sake, da inda zai kai kukansa in bai gamsu ba.

Akwai tarko guda da ya kamata a kula da shi. Wasu sukan ƙara layi cewa za a cire kuɗin buhunan daga albashi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya bai bar wannan a hannun mai kamfani shi kaɗai ba. Ga ma'aikatan da dokar ta shafa, cire kuɗi saboda asarar da sakaci ya jawo yana buƙatar amincewar jami'in ƙwadago a rubuce tukuna.

Me ya sa duk wannan taka-tsantsan a kan takarda shafi ɗaya? Saboda mai karanta ta na ƙarshe yana iya zama alƙali. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'un aiki, kuma takan duba ko an bi hanyar adalci kafin a kori mutum bisa zargin laifi. In an sallami mai siton nan bayan wata huɗu saboda ya sake barin ƙofa a buɗe, wannan takarda ce shaidar cewa an ja masa kunne.

Ma'aikata da dama sukan ƙi sa hannu, suna ganin kamar amsa laifi ne. Sa hannun shaidar karɓa ce kawai, kuma mutum yana iya rubuta a ƙasa cewa ya karɓa amma bai amince da hukuncin ba, ya sa kwanan wata, ya riƙe kwafinsa. In ya ƙi, sai a rubuta hakan a gaban shaida, gargaɗin kuma ya ci gaba da aiki.