Sirrin ƙwaurin saniya: me ya sa gashi ba ya sanya shi laushi?

A Lolo, ƙaramar hukumar Bagudo, daf da iyakar Benin, saniya ɗaya mahauci zai yanka, amma namanta ya kasu gida biyu. Tsokar gadon baya mai tsire yake ba, cikin mintuna kaɗan ta gasu. Ƙwauri da ƙirji kuwa, in aka ɗora su a garwashi sai su ƙanƙance su gagari haƙori. To, ina bambancin yake?

Mu fara da aikin da kowace gaɓa take yi. Saniyar Fulani a ƙafa take rayuwa, daga makiyaya zuwa mashaya a bakin Kwara. Ƙwauri ke ɗaukar tafiyar, ƙirji ke tallafe nauyin gaba, gadon baya kuwa kusan hutawa yake. Gaɓar da ta fi wahala ita ta fi yawan farar jijiyar nan da ke naɗe da tsoka, wadda masana ke kira kolajin. Zare uku ne a murɗe kamar tufkar igiya, kuma yana ƙara tauri da tsufan dabba.

Sai abin da zafi ke yi masa. Wajen digiri 60 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyas, kolajin yana tsukewa, ya matse ruwan tsoka waje. Nan gashi yake tsayawa, shi ya sa gasasshen ƙwauri ke fitowa a bushe.

Warwarar tana gaba. Daga digiri 70 zuwa sama, muddin akwai ruwa, zaren yana kwancewa sannu a hankali ya narke ya zama jelatin, wato danƙon da ke sa romo kauri. Wannan aikin sa'o'i ne, kuma ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan icen da aka tura.

Uwargida, gwada da kilo ɗaya na ƙwauri. Zuba ruwa ya sha kansa, in ya tafasa ki janye ice har ya koma ɓararraka a hankali, ki rufe. Bayan sa'a ɗaya za ki ji ya fi ɗanye tauri, kuma a nan mutane da yawa ke saukewa su zargi mahauci. Ki bar shi. In ruwa ya ja, ƙara mai zafi. Wajen sa'a uku, ko huɗu in saniyar tsohuwa ce, cokali zai ratsa shi ba gardama.

Shaidar tana cikin romon: yana ɗamfare yatsu, kuma in ya kwana cikin sanyin hunturu sai ya daskare. Ba ya daskarewa da bazara, domin jelatin yana narkewa wajen digiri 35.

Amma kada a yi wa tsokar gadon baya wannan dahuwa. Kolajinta kaɗan ne, sai dai ta bushe. Uwargida, tambayi mahauci gaɓar da ya yanko miki kafin ki hura wuta.