Gurbin da ba ka cike ba a takardar neman aiki

Wannan taƙaitaccen abin da muka tattauna ne a shirin da ya gabata, saboda waɗanda suna kan hanya ko suna bayan shanu lokacin da muka yi shi.

Idan ka sauka Ankara, ka bi titin Kanda ta wajen babban Masallacin Ƙasa ka shiga Nima ko Mamobi, za ka ga ƙananan shaguna masu kwamfuta da injin hoton takarda. A nan samarin zango ke zuwa a buga musu takardar tarihin aiki, wadda turawa ke rubutawa CV, mu kuma mu ce sibi. Mai shagon yana da tsohuwar takarda a kwamfutarsa, sai dai ya canza suna. Akwai wurin suna da lambar waya, akwai wurin makaranta, sannan a zo kan layin da aka rubuta Work Experience, wato ayyukan da ka taɓa yi. To, a nan ake yin tsit.

Mu ɗauki misali. Yaro ne ya gama ƙaramar sakandare a 2018, yanzu yana neman aikin kula da sito a wani kamfanin kaya a Tema. Aka tambaye shi aikin da ya yi tun daga lokacin, ya ce, “Ni fa ban yi komai ba, Maigida nake bi.” Mai bugawa yana sauri, ga mutane a layi, sai ya ce, “Bari in sa maka ka yi shekara uku a wani babban kanti, ai ba mai dubawa.”

Akwai mai dubawa. A Gana, kamfanin da ya ɗauki ma'aikaci bisa ƙa'ida dole ya riƙa biya masa kuɗin fansho a hukumar SSNIT kowane wata, kuma akwai takardar da ke nuna wanda ya biya da watannin da aka biya. Wanda ya ce ya shekara uku a babban kanti, amma ko lambar SSNIT ba shi da ita, an riga an sa masa ido. Sau da yawa ma ba a kai nan. Sai a ce da shi, “Wa ke sama da kai a can? Ranar nawa ake biyanku?” Aikin da mutum bai yi ba, ba ya iya ba da labarinsa na minti biyu. Idan kuwa aka haɗa masa da wasiƙar shaida mai hatimin bogi, magana ta tashi daga ƙarya ta koma jabun takarda, wanda laifi ne a dokar ƙasar. Kuma sunan yaron ne a kai, mai shago ya karɓi kuɗinsa ya manta.

Abin da ya kamata mai rubutun ya yi, ko ɗanka ne da ya yi boko, ko ƙanenka, ko mai shagon, shi ne ya ɗauke hannu daga kwamfuta ya yi tambaya. “Maigida nake bi” ba amsa ba ce tukuna. Bin sa ina? Da me?

Sai ka ji yaron ya ce shanu suke ɗaukowa daga arewa, ta Paga, su sauke a Tulaku da ke Ashaiman. Sau nawa? Kusan kowane wata, gabanin Layya kuwa har sau biyu, da raguna. Wa ke ƙirga dabbobi wajen lodi da wajen sauka? Shi. Wa ke riƙe takardar likitan dabbobi ya nuna a shinge? Shi. Wa ke rubuta wanda ya karɓi sa bashi da ranar da zai biya? Shi ɗin dai, a ɗan littafi. Wa ke tura kuɗi ta waya? Ya ce ai Maigida ba ya son danne-danne, komai ta hannunsa yake bi. Da wane yare yake ciniki? Hausa, da Tuwi, da ɗan Faransancin iyaka.

Kun ji fa. Ƙirga kaya, riƙe takardun hanya, rubuta bashi, amanar kuɗi. Mai sito kusan abin da yake nema ke nan. Yaron bai faɗa da farko ba ne saboda a tunaninsa aiki sai wanda ake shiga ofis a karɓi albashi a ƙarshen wata.

Wurin da ya fi ba da wuya shi ne kwanan wata, don mutanenmu ba da lambar shekara suke riƙe lokaci ba, da abin da ya faru suke riƙewa. Kada ka ce masa “a wace shekara ka fara?”, zai cinta ne kawai. Ka ce, “Lokacin da aka rufe iyaka saboda korona, ka riga ka fara?” Gana ta rufe iyakokinta a Maris 2020, ba ta buɗe na ƙasa ga matafiya ba sai Maris 2022. Idan ya ce ya yi Layya ɗaya tare da Maigida kafin rufewar, to a 2019 ya fara. Ɗan albasa kuma ka tambaye shi ko a Agbogbloshie ya fara ko sai da aka mayar da su Adjen Kotoku, wanda aka yi a 2021. Daga nan a duba waya: tsofaffin hotuna da saƙonnin tura kuɗi duk suna ɗauke da ranarsu. In wata bai tabbata ba, a rubuta shekara kawai, ta isa.

Ga yadda layin zai fito, kafin a juya shi zuwa Turanci: “2019 zuwa 2023, mataimakin dillalin shanu, hanyar Paga zuwa Ashaiman. Ƙirga dabbobi a lodi da sauka, riƙe takardun hanya, rubuta ciniki da bashi, biyan kuɗi ta waya.” Ku lura an ce mataimaki. Ba a ce manaja ba. Ni a ganina kumbura muƙami ɗan'uwan ƙirƙirar aiki ne, kuma ya fi yawa, don mai yin sa ba ya jin ya yi ƙarya. In yaron bai taɓa yanke farashi da kansa ba, kada a rubuta ya yanke.

Sai layin Referees, wato masu shaidarka. A sa Maigida, ko shugaban 'yan kasuwar da ya san aikinka da idonsa, amma a je a gaya masa tukuna. Dattijo na tsakiyar kara, baƙuwar lamba ta kira shi da Turanci, zai ce bai san zancen ba ya kashe waya, alhali duk abin da ke takardar gaskiya ne. A faɗa masa sunan da ke kan takardar ma, domin wataƙila da laƙabi kaɗai ya san yaron.

Wani gurbin kuma, ko an yi tambaya har dare ba zai cika ba. Idan yaron ya koma gida shekara guda yana jinyar mahaifiyarsa, a rubuta layi ɗaya: “2024, hidimar gida.” In an tambaye shi ya faɗa a taƙaice. Idan aikin na buƙatar lasin babbar mota ko takardar gama babbar sakandare kuma ba shi da su, shekarun da ya yi a gaban mota kusa da direba ba za su zama lasin ba. Wannan wurin a cire kansa daga takardar gaba ɗaya, ya nemi aikin da ya dace da abin da ke hannunsa, har ranar da ya je DVLA ya yi gwaji.